Maɓallin da Ke Kai Ciniki Rumfar Saliha

"Shago ne a cikin waya, Hajiya," in ji Najmuddeen mai gyaran kwamfuta. "Mutum na Gadau zai ga turarenki, ya danna koren maɓalli, saƙonsa ya faɗo WhatsApp ɗinki."

"To na biya," in ji Ya Gana, mai turaren wuta da humra a kasuwar Azare. "Amma in ga mutane."

Ya haɗa mata shafi, ya zuba hotuna. Ta sa aka buga adireshin a jikin ledojinta, ta zauna jira. Damina ta zo ta wuce, ko kuskuren saƙo bai shigo ba. In ta tambaya sai ya ce intanet sai da haƙuri.

Rannan Joan, malamar makaranta daga Itas, ta dire mata kwalba a kan tebur.

"Hajiya, wannan humra ce ko kananzir? A shafinki na saya."

Sunan Ya Gana ne a jikin kwalbar, amma hancinta bai san wannan haɗi ba.

"Danna maɓallin nan a gabana."

Joan ta danna. Hira ta buɗe da wata lamba daban. Ta kira lambar, sai ga waya tana kuka a rumfar da ke kallonsu, wajen Saliha, ƙanwar Najmuddeen. Ashe shafin yana aiki sarai. Lambar da aka ɗaura wa maɓallin ce ba ta Ya Gana ba, ita kuwa ba ta taɓa dannawa ba. Wa ke sayayya a shagon kansa?

"Kashe," in ji Ya Gana a hankali. Har ta ɗaga wa Saliha hannu tana murmushi.

Bayan kwana biyu Ya Gana ta sa Joan ta yi odar turaren biki guda ta maɓallin, ta ce a kai rumfar Alhaji Maikuɗi, shugaban 'yan kasuwa, can za a biya. Saliha ta juye jarinta kaf a kayan haɗi. Yayanta da kansa ya ɗauko ta da kwalayen a babur.

Suka tarar da Ya Gana zaune, da garwashi a kasko.

"Sannunku da kawo mini kayana. Ba sunana ne a jiki ba?"

Ta barbaɗa turaren a wuta. Alhaji ya yi tari har hularsa ta karkace.

"Kuskuren lamba ne, Hajiya," in ji Najmuddeen.

"Kuskuren ya iya liƙa suna a kwalba? Zauna, ɗan nan."

A gaban jama'a ya canza lambar, ya miƙa kalmar sirri, ya mayar da rajistar shafin zuwa sunanta. Joan ta danna, wayar Ya Gana ta yi ƙara. Alhaji ya sa aka kankare sunan daga kowace kwalba.

Saliha ta koma da turaren da ba mai so, Najmuddeen kuma ba wanda ya ƙara ba shi ko waya ya riƙe. Ya Gana ta samu shafinta, amma matan Itas da suka shaƙi kananzir da sunanta har yau ba su dawo ba. Wanda ya ci riba tsantsa mai buga ledoji ne, don ta sa an sake bugawa da lambarta ɓaro-ɓaro.