Gemun Malam Maharazu

Ranar Alhamis da hantsi Malam Maharazu ya shafa wa gemunsa lalle, kamar yadda ya saba tun da furfura ta fara fito masa. Kafin azahar ya wanke. Da ya duba madubi sai ya ga gemu ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Salatin da ya rafka har kajin gida sai da suka watse.

Lauratu, matar ɗansa Muhyiddeen, tana ɗakinta tana yi wa wata maƙwabciya kitso ta ji Inna Zinariya, matar Malam, tana cewa, "Innalillahi! Malam, wa ya yi maka wannan aiki?"

Tambayar da ta hana gidan sakat ke nan. A ƙwaryar lallensa da ke kan taga Malam ya tarar da sabon ƙunshi mai ƙyalli, da hoton ganyen lalle a jiki da rubutun ƙasar waje. Shi ya ɗauka Inna ce ta sayo, Inna ta ɗauka Muhyiddeen ne, Muhyiddeen kuwa ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Ashe garin lalle ne da aka gauraya da baƙin rini.

Da a wani lokaci ne, da dariya za a sha a wuce wurin. Amma shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, gemu ya yi daraja a Dutse, kuma Malam da bakinsa ya sha faɗa a karatun bayan magariba cewa mai rina furfura da baƙi mayaudari ne. Ga shi ranar Talata zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida kan gonar Hassana, matar marigayi amininsa, gonar da Alhaji Mika'ilu na Kiyawa ke cewa tasa ce. Malam kaɗai ya rage cikin waɗanda aka yi cinikin gonar a gabansu. In ya shiga kotu da wannan gemu, me zai hana a ce a duba adalcinsa? In ya aske kuwa, ai gara baƙin.

Alhaji Mika'ilu kawun Lauratu ne, wan mahaifiyarta. Kuma ranar Lahadin da ta wuce, ranar da gida ya cika da mata 'yan barkar haihuwar ƙanwar Muhyiddeen, ita Lauratu ta dawo daga ganin gida a Kiyawa da jakar tsaraba.

Ba wanda ya ce mata ke ce. Da ma an faɗa, da ta samu abin rantsewa a kai! Sai dai Inna ta daina amsa gaisuwarta da "'yata", in ta doso madafi hira ta mutu. Har Muhyiddeen, mijinta na shekara huɗu, ya tsaya yana sosa ƙeya yana cewa, "Ba wai ina zarginki ba ne, amma a jakar nan taki babu abin da Kawu ya ba ki?" Ta dube shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kuma san in gemun nan ya kashe shaidar Malam, zamanta a gidan nan ya ƙare ko ba a ba ta takarda ba.

Da la'asar ta hango Inna ta fito da kwalbar haifo ɗin wankin farin kaya, da kanwa a jiƙe. Lauratu ba ta san lokacin da ta yi tsalle ba.

"Inna, don Allah kada a sa! Wallahi gashin zai narke ya tsinke, fatar ta ɗuri ruwa."

"Au, kin san kansa ke nan," in ji Inna, tana kallonta sheƙeƙe.

"Shekara biyu na yi a shagon gyaran gashi kafin aure, Inna. Na ga masu irin wannan."

Daga cikin turaka Malam ya yi gyaran murya. "A tambayi yarinyar nan, baƙin yana fita?"

Yanzu fa aka zo wurin. Suruka ba ta kallon idon surukinta, balle ta kai hannu gemunsa. Don haka aka kafa wani tsari: Malam kan kujera 'yar tsugunno a bayan zana, Inna a gabansa da kwano, Lauratu a wannan ɓangaren tana ba da umarni, kanta a sunkuye ko da yake ba mai ganinta.

"A gaya wa Baba baƙin ba zai fita yau ba, kuma gemun ba zai koma fari ba. Amma tunda bai kwana ba, zai saki."

Ta aiki Muhyiddeen kemis ya sayo shamfu na amosanin kai da fararen ƙwayoyin bitamin C. Ta daka ƙwayoyin lukui, ta kwaɓa da shamfu. Inna ta karɓi kwanon ta sansana, ta kai wa Malam, shi ma ya sansana. Can sai ga hannun Inna ya zagayo zana da 'yar takarda: Malam ya yanko silin gemu kamar goma, a fara gwadawa a kansu. Don rashin yarda ya yi haka, Lauratu ta sani sarai. Abin haushi kuma, daidai ya yi, ko a shago haka ake yi.

Silin bai tsinke ba. Aka jiƙa gemu da ruwan ɗumi, aka shafa, aka naɗe da leda rabin awa, aka wanke.

"Ruwan wane launi, Inna?"

"Kamar tawadar allo."

"Alhamdu lillahi. Yanzu man kaɗanya, a cuɗa sosai. Wankin nan yana busar da gashi."

"A sake mana yanzu!"

"A'a, sai gobe. Gaggawa ita ke karya gashi."

Juma'a Malam ya je masallaci da amawali har hanci, yana ce wa mutane mura. Aka sake wanki. Baƙin ya rage ƙyalli, amma baƙi ne dai. Lauratu ta rubuta wa Muhyiddeen sunan wani maganin cire rini, ya shiga motar Kano ranar Asabar, ya dawo da kwalabe biyu a kwali ɗaya.

Da ta haɗa su ranar Lahadi, wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Inna ta toshe hanci ta ja da baya. "Wannan kuma a bakin Malam za a sa?"

"A gashi kawai, Inna, kada ya taɓa leɓe, kuma a fili inda iska ke kaɗawa. Ba ya cin gashi kamar haifo. Rinin yake sassautawa, ruwa kuma ya fitar da shi. Amma sai an yi ta ɗauraya, an wanke da shamfu sau uku, har hannu ya gaji."

Aka sake gwaji da sili, aka shafa, aka jira minti ashirin. Ana tsakar haka masu kitso suka yi sallama, Lauratu ta koma ɗaki. Da yamma Muhyiddeen ya shigo da fara'a: gemu ya yi ja-ja, tsohon lallen da ke ƙasa ya fito. Ranar Lauratu ta ci tuwo da daɗi.

Litinin da safe kuwa, gemu ya sake duhu.

Wannan karo Inna ba ta ɓoye ba. A tsakar gida ta tsaya. "Na faɗa! Abin da ya fita jiya ya dawo yau, wannan ai ba rini ba ne. An haɗa baki da 'yan Kiyawa, ana ja mana lokaci har Talata!"

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai. Shirunsa ya fi maganar uwarsa yi wa Lauratu ciwo. Hawaye suka zo, ta maida su. Ta durƙusa inda take.

"Inna, ki yi haƙuri da tambayata. Jiya buta nawa aka ɗauraye da ita?"

"Ina ruwanki da buta?"

Daga turaka Malam ya ce, "Biyu ce. Na ce a ƙara, kika ce famfo bai zo ba."

"To shi ne, Baba," in ji Lauratu, ta manta ma ba ta ce a gaya wa Baba ba. "Rinin da bai fita ba yana nan kwance cikin gashin. Da ya sha iska sai ya sake kamawa."

Sannan Malam ya ce, "A sake. In ƙarya ce, gobe Allah zai nuna."

Lauratu da kanta ta ɗauki bokiti ta yi sawu shida zuwa rijiyar maƙwabta. Ta ɗumama ruwa, ta tsaya jikin zana tana ƙirga buta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har Inna ta ce hannunta ya mutu, Lauratu ta ce a ƙara biyar. Aka shafe gemu da man kaɗanya. Ta ce kada a kuskura a sa sabon lalle sai bayan mako.

Talata gari ya waye, gemu bai koma ba. Ja mai duhu ne, kamar dabino, ya ɗan bushe amma yana nan cif. Malam ya sa babbar riga. Inna dai ba ta sake fuska ba, don har yanzu ba a san wanda ya kawo ƙunshin ba.

Sai ga sallamar Hassana, ta biyo don su tafi kotu tare. Ta durƙusa ta gaida Malam, ta ɗago, fuskarta ta washe.

"Ma sha Allah! Malam, ashe lallen ya kama. Mai shagon a kasuwar Shuwarin ya ce na Makka ne, ya fi namu kyau."

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. "Ke kika kawo?"

"Ranar barka na saka a ƙwarya," in ji Hassana, ta fara kame-kame. "Ban faɗa ba ne don kada a ce na ba mai shaida toshi. Na ga dai zai tsaya gaban mutane saboda ni da marayuna. Wani abu ya faru ne?"

Muhyiddeen ya juya ya dubi labulen ɗakin matarsa, ya kasa ɗaga ƙafa. Malam Maharazu ya daɗe yana shafa gemunsa. Sannan ya tako har tsakiyar gida, inda bai saba tsayawa ba, ya fuskanci labulen.

"Zan je in yi shaida kan abin da na gani da idona shekara ashirin da suka wuce," ya ce. "Amma kwana biyar ina yanke wa yarinyar nan hukunci kan abin da ban gani ba. Lauratu, na ci haƙƙinki. Ki yafe mini."

Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. A bayan labule Lauratu ta toshe baki da mayafi, kukan da ta riƙe tun Alhamis ya ƙwace. Da ta samu murya, sai ta ce,

"Inna, a gaya wa Baba ya ƙara shafa man kafin ya fita. Rana tana busar da shi."