Batun da Aka Riga Ta

Sau biyu Dokta yana mayar wa Auta batutuwan kundin digirinta. Shi ne mai tantance batutuwan 'yan ajin ƙarshe a sashen, kuma ƙa'idarsa ba ta da wuya: ka kawo uku, ya zaɓi ɗaya, in wani ya riga ka sai ka sake lale. Na Auta kuwa ko karantawa bai gama ba. "Kwatanta tatsuniya da ƙagaggen labari," ya maimaita yana murza ido. "Wace tatsuniya? Wane labari? Ta wace fuska? Wannan ai ba batu ba ne, sunan kwas ne."

Ta koma ɗaki ta kwanta da takalmi a ƙafa. Abokiyar ɗakinta, wadda kowa ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, tana guga tana zuba. Tun ajin farko suke tare, bokiti ɗaya, katifa kusa da katifa. Ba wanda ya tambaye ta, amma sai da ta zazzage nata batun kaf.

"Jigon komawa gida zan duba," in ji ta. "Kin lura a tatsuniya in mutum ya yi tafiya ya dawo, gida na nan yadda ya bar shi, shi ne ya sauya? A labaran zamani kuwa sai ya dawo ya tarar gidan ma bai san shi ba. Tatsuniyoyi uku daga bakin Kaka, gajerun labarai uku. Sai Litinin zan kai, so nake in gyara kalmomin."

Auta ta ce mata ya yi kyau. Kuma da gaske ya yi kyau, abin da ya cuce ta ke nan. Washegari da safe ta rubuta sabbin batutuwa biyu marasa kan gado, ta rasa na uku, sai ta cike gurbin da na Rediyo. Ta gaya wa kanta cewa ciko ne kawai, Dokta ba zai kai can ba. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa dabara.

Can ɗin Dokta ya fara dubawa. Ya gyara zama, ya ce, "To, yanzu kika zo makaranta." Ya sa hannu. A nan ne ya kamata ta buɗe baki. Ta buɗe ɗin, amma godiya ce ta fito.

Ranar Litinin Rediyo ta dawo daga ofishinsa ta jefa jaka kan katifa. An riga ta, in ji ta, kuma Dokta bai faɗi ko wane ne ba. Ta zagi ɓarawon da ba ta sani ba, ta zagi kanta don ta yi ta yayata abin a aji, har ta tambayi Auta ko tana zargin wani. Auta ta ce ba ta zargin kowa, tana ninke mayafin da ta riga ta ninke. Rediyo ta ƙare da wani batu kan salon siffantawa a littafi guda, batun da ko ita da ba ta rasa abin faɗa ta kasa yi masa magana biyu.

Kunya ta hana Auta sakat. Ta shiga yi wa Rediyo hidimar da ba a sa ta ba: ta ɗebo mata ruwa, ta wanke mata kwano, ta kama mata wuri a laburare. Kowace safiya takan ce yau za ta faɗa, kowace yamma ta ga gobe ta fi dacewa. In Rediyo ta tambayi nata batun, sai ta ce wani abu ne kan jigo, bai gama zama ba.

Malamar da aka ba Auta a matsayin mai duba aikin ita ta ƙara ƙulla abin. Ta karanta shimfiɗar, ta yaba, sannan ta ce, "Tatsuniyoyin nan na komawa gida daga ina za ki samo su? Kada ki kwaso min daga littafi. In an rubuta tatsuniya ta riga ta zama rubutu, kwatancinki ya rushe. Ina son ɗaukar murya daga baki, da masu sauraro, da waƙar da amshin, ki rubuta su yadda aka faɗa ki sa a rataye. Wa zai ba ki?"

Auta ta ce za ta nemo. Ba ta da wanda za ta nema. A gidansu talabijin ya rene su, kakanninta kuma ba ta taso ta same su ba.

Da ta fito sai ta ga Rediyo zaune kan bencin bakin ƙofa, rungume da fayil, tana jiran layinta. Malama ɗaya ke duba su, ƙofar ofishin kuma ba ta rufuwa sosai. Rediyo ba ta ɗaga kai ba.

Kwana biyu ɗakin ya yi tsit. Auta ta gwammace a zage ta, a yi mata tonon silili gaban jama'a, ko me dai ban da wannan. A na ukun ta durƙusa gefen katifar ta fara, "Don Allah ki saurare ni..."

"Asabar ki shirya," Rediyo ta katse ta, idonta a kan waya. "Tun watan jiya na gaya wa Kaka za a ɗauki muryarta. Kullum sai ta kira ta tambaya. Ta tuno tatsuniyoyin, ta sa an gaya wa yaran maƙwabta. Ba zan iya ce mata an fasa ba. Ba don ke ba ne."

"Zan je wurin Dokta in ce naki ne."

"An rufe sauya batu. Kin sani ai."

Ta sani. Ta ma san ranar da aka rufe, kuma ta bari ta wuce.

Ranar Asabar da yamma suka isa. Ɗaki ne ƙarami, gado ya cinye rabinsa, yara sun cika sauran. Kaka ta sa tufafin fita unguwa ta zauna bakin gado, ta riƙe hannun Auta da hannu biyu. "Ke ce ƙawar? Allah ya yi miki albarka da kika rako ta. Wannan ja'irar ita kaɗai sai ta cika na'urar da nata surutun."

Auta ta ɗora wayar kan kujera, ta danna. Tsohuwar ta gyara murya ta soma labarin wani da ya bi kogi neman ƙaninsa. Ta sauya murya ga kowane mai magana, ta tsaya inda yara za su amsa waƙa, suka amsa, wani ƙarami ya ce ba haka aka yi ba, ta ce to zo ka karɓa, ɗakin ya kwashe da dariya. Duk abin da malama ta nema ga shi nan, har da ƙari. Rediyo tana jingine da ƙofa, leɓɓanta na bin waƙar ba sauti. Auta ta ji da ma wayar ta mutu.

Da aka gama tatsuniya ta uku yara suka watse, Kaka ta sha ruwa, ta yafito jikarta.

"An ce in an gama ana ɗinke shi kamar littafi, da bango mai tauri?"

"Haka ne, Kaka."

"Kuma sunana zai shiga?"

"Zai shiga."

"To ki kawo min in gani kafin ki kai musu. Ban iya karatu ba, amma na san yadda sunanki yake a rubuce. Sai ki nuna min nawa a ciki."

Rediyo ta juyo, karo na farko cikin kwanakin nan, ta dubi Auta ido cikin ido, ta bar mata amsar. Kaka ma ta juyo tana murmushi, tana jira. Wayar na kan kujera, ba wanda ya kashe ta.