Wayar da Ta Naɗe Ƙafar Baba

Baba, surukina, bai cika mako biyu da ajiye sanda ba ranar da maigidana ya kawo na'urar. An yi masa aiki a ƙugu, likita kuma ya ce in ya sake faɗuwa, da wuya ya ƙara takawa.

Wani babban tabarau ne mai fitilu, in ka sa ba ka ganin ɗakin, sai duniyar da ke ciki. Maigidana ya haɗa shi da akwatin wasa, ya ɗora kamara a kan talabijin tana kallon tsakiyar falo. Muka janye tebur da kujeru, aka bar fili taku huɗu. Wayar tabarau doguwa ce. A takardar da ta zo da na'urar an zana ta tana bi ta bayan mutum, shi kuwa ya bar ta kwance a ƙasa ta gaba. Na ga zanen, ban ce komai ba.

"Kawo in gani," in ji Baba. "Ko an ce tsofaffi ba sa shiga?"

"A zaune dai, Baba," in ji maigidana.

"Wata biyu ina zaune, ɗan nema. Sa min."

Maigidana ya sa masa, sai wayar salularsa ta yi ƙara, ya fita baranda.

Ina bakin ƙofa. Akwai dogon madubi a bangon bayan Baba, kamarar na ganin fitilun tabarau sau biyu, na gaske da na cikin madubi. Hoton da Baba ke gani, wanda ke fitowa a talabijin ma, ya fara zamewa gefe. Baba ya bi shi da jiki, kaɗan kaɗan, yana dariya.

"Kai, ga kifi kamar saniya!"

Wayar ta zagaye idon sawunsa na hagu, ƙafar da aka yi wa aiki. Ya ƙara juyawa, ta ƙara zagaye ɗaya. Tunda na zo gidan ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, balle in taɓa shi. In na yi ihu zai zabura. In na fita kiran maigidana, kafin mu dawo ya taka.

Ya ɗaga ƙafar dama, wayar ta miƙe tsam.

Ban san lokacin da na isa ba. Na durƙusa na rungume gwiwoyinsa duka biyu, na danne wayar da ƙafata.

"Innalillahi! Mene ne ya kama ni?"

"Ni ce, Baba. Kar ka motsa. Don Allah kar ka motsa."

Ya yi tangaɗi, hannunsa ya sauka a kaina da nauyinsa duka. Na ji wuyana zai karye, ban saki ba. Da hannu ɗaya na warware wayar.

Ya ture tabarau zuwa goshi, ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana kallon jan layin da ke idon sawunsa.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "jawo min kujera."