Magaribar Bagudo da Tanki na Uku

"Sallah na tai, Alhaji. Ba shan shayi na tai ba."

"Na ji, Malam Arzika, Allah shi karɓa. To wanga fa, wa za shi karɓa tai?"

Alhaji Bunyaminu, mai kamfanin casar shinkafa da ke bakin hanyar Lafagu, ya damƙo shinkafa daga buhun da ke gabansa ya watsa a kan tebur. Ta yi duhu kamar an jiƙa ta a ruwan kanwa. Tanki guda cur, na uku, ya wuce lokaci a kan tururi jiya da magariba, domin Malam Arzika mai turara ya buɗe bawul ɗin da ke sakin tururi ya tafi masallaci, bai dawo ba sai bayan rabin awa. Ƙa'idar turara kuwa minti goma sha biyar ne.

Hamsatu tana tsaye a bakin ƙofa rungume da littafinta. Wata biyu ke nan da ɗaukarta aikin kula da tsarin aiki, bayan ta gama karatu a Kano ta dawo gida. Ita ta rubuta jadawalin hutun da aka manna a bango kwana uku da suka wuce, ta kuma yi alfahari da shi har ta ɗauki hotonsa a waya.

"Ga takarda nan," in ji Alhaji. "Hutun magariba, bakwai saura ashirin zuwa bakwai saura biyar. Anka ba ku lokaci, kunka zauna kuna hira, sai da aiki ya tashi sannan kunka tuna da Allah? Shekara goma sha ɗaya muna tare, amma ka yi haƙuri. Ƙarshen sati ka aje aiki."

Dattijon ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "Alhaji, sa'adda takardar ta ce mu yi sallah, rana na nan jajur bisa gulbi. Ni dai ban iya sallar magariba da rana tsaye ba."

Maganar ta daki Hamsatu a ƙirji. Ƙarfe biyar take tashi aiki, ba ta taɓa ganin magaribar kamfanin da idonta ba. Lokutan sallah kuma ta kwafo su ne daga kalandar da ta zo da ita daga makaranta, wadda aka buga don mutanen Kano. Tun tana yarinya take jin kiran sallar garinsu, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa duba agogo ba idan ladan ya ɗaga murya. Kano tana can gabas, Bagudo tana nan yamma a gefen iyakar Benin. Rana takan yi sallama da Kanawa, ta ƙara kusan minti goma sha takwas kafin ta bar mutanen nan.

"Baba Alhaji," ta ce, "laifina ne. Magaribar Kano na rubuta musu."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau. "To ke na kora ke nan, 'yar boko?"

"In ka ga dama. Amma ka ba ni kwana biyu tukuna. Ranar Alhamis tankuna huɗu za su fita fes, kowa kuma zai sami jam'i. In haka ta kasance, ka bar Baba Arzika."

"Alhamis motar mutanen Kamba ke zuwa lodi. In tanki guda ya lalace, ban son jin bakin kowa."

Da yammacin ranar ba ta tafi gida ba. Ta hau dandamalin ƙarfen da ke saman tankunan, agogo a hannu, ta tsura wa yamma ido. Fadama ta miƙe har iyakar gani, an girbe shinkafar rani, shanun Fulani suna kiwo a cikin kututture. Rana ta yi ta sauka a hankali kamar amaryar da ba ta son barin gida. Hamsatu ta ji hawaye sun cika mata ido, rabi don kyan abin, rabi don kunyar cewa garin da ya haife ta ne ta yi wa aron rana.

"Malama, in kin faɗa tanki ni ban iya ruwa ba," in ji wata murya daga ƙasa.

Sufyan ne, makanikin kamfanin, hannunsa duk baƙin mai. Ya hawo ya tsaya nesa kaɗan, yadda ya kamata.

"Ƙarfe nawa ladan ke kira?" ta tambaye shi ba tare da ta waiwayo ba.

"Bakwai daidai, satin nan. Amma ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Famfo guda gare mu, mu goma sha takwas. Layin alwala shi ya cinye ma Baba Arzika minti goma."

"Me ya hana ku gaya mini tun ranar farko?"

Ya yi murmushi. "Kin sa ma takardar leda, kin ja layi da jan biro. Wa za shi ɓata miki rai? Kwana biyun farko tanki na uku ba kaya cikinai, sai munka matsa hutun da kanmu, munka yi shiru."

Ladan ya kira. Ta duba agogo: bakwai da minti ɗaya.

Washegari ta zaunar da Malam Arzika a inuwar rumbun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta ce ya koya mata aikin kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Ya ce shanshera awa shida take sha a ruwan zafi. In an tsiyaye ruwan ba ta jiran kowa, dole tururi ya biyo baya nan take, in an gama kuma a sauke ta zuwa injin busarwa.

"Sa'adda take cikin ruwa, ruwa ka aiki, ba mu ba," ya ce. "Ko Makka kika tai kika dawo, ba ruwanta."

Nan ta gane inda ta yi kuskure na biyu. Da ta tsara aiki tun daga rana tsaka, sannan ta nemi ramukan da za ta cusa sallah. Yanzu sai ta juya takardar. Ta rubuta bakwai a ƙasa, ta riƙa lissafi da baya. A sauke tanki na uku kafin bakwai saura biyar. Ke nan tururi daga shida da rabi zuwa bakwai saura kwata, tsiyaya shida da minti ashirin, zuba ruwan zafi sha biyu da minti ashirin, da zarar masu aikin yamma sun karɓi aiki. Tanki na huɗu ya zauna a ruwansa har a idar da sallah, a tsiyaye shi bakwai da minti ashirin. Na ɗaya da na biyu, waɗanda masu aikin safe ke jiƙawa, a turara su kafin ƙarfe biyu. Azahar da la'asar suna da faɗin lokaci, sai ta raba masu injin casa gida biyu, rabi su yi sallah su ci abinci, rabi su riƙe inji, sannan a canza.

Saura tukunyar tururi, wadda ba a barinta ba mai tsaro ko na ƙiftawar ido. Masu hura ta da buntun shinkafa su biyu ne, Sambo da Ɗanliti.

"Ɗaya ya bi jam'in farko, ɗaya ya jira tare da mai kula da injin busarwa, su yi nasu jam'in da an sallame," ta ce. "Gobe a juya."

"Ni dai kar a haɗa ni da Ɗanliti shi yi man limanci," in ji Sambo. "Ƙulhuwallahu ma sai ya yi tuntuɓe."

"Kai da ba ka san alƙibla ba sai ka ga inda shanu sunka dosa!" in ji Ɗanliti. Aka fashe da dariya, har da Malam Arzika, wanda rabonsa da dariya tun shekaranjiya.

Sufyan kuwa sai ya ɗauki kayan aikinsa ya fita. Da la'asar ta ga ya jawo bututu daga tankin ruwan sanyi, ya jera famfo huɗu a gefen masallaci. Da ta yi masa godiya ya ce ai don kansa ya yi, amma murmushin da ya kasa ɓoyewa ya tona shi.

Ranar Alhamis komai ya tafi daidai har ƙarfe shida da minti ashirin. An tsiyaye tanki na uku. Motar Kamba tana bakin ƙofa, Alhaji ya sa an ajiye masa kujera a tsakar fili yana jan carbi. Sai Sambo ya ƙwala kira: allurar ma'aunin tururin tukunya ta sauka, buntun da aka kawo yana da danshi, wuta ta yi sanyi.

Shida da rabi ta yi, ba tururi. Hamsatu ta ajiye littafinta. Ta ruga rumbu, ta nuna buhunan busasshen buntu da ke can ciki, masu ɗinkin buhu suka bar allura suka yi ta jido. Ɗanliti yana zubawa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Minti biyu, minti huɗu. Allura ta fara ɗagawa kamar mai jin nauyin jiki.

"Ta kai!" in ji Sambo.

Shida da minti talatin da biyar Malam Arzika ya yi bisimilla ya murɗa bawul. Tururi ya yi gurnani a cikin tanki, ƙamshin dafaffiyar shanshera ya game filin. Hamsatu ta ƙura wa agogo ido, leɓunanta na motsi. Minti biyar ɗin nan da ta bari a tsakanin saukewa da kiran sallah, su ne kaɗai abin da ya rage mata, ga shi wuta ta cinye su.

Bakwai saura goma ya rufe bawul. Aka buɗe ƙasan tanki, shanshera ta kwararo tana hayaƙi, maza shida suna turawa da shebur. Ana kwashe shebur na ƙarshe ladan ya ce Allahu Akbar.

Malam Arzika ya sauko daga dandamali a natse, ya nannaɗe hannun riga, ya sami famfo ba layi. Hamsatu ta yi tata sallar a ofis, ta daɗe a sujada tana kuka marar sauti. Bakwai da kwata jam'i na biyu ya tsaya, mutum biyu, Ɗanliti a gaba. Bakwai da minti ashirin aka tsiyaye tanki na huɗu, kafin takwas saura biyar ya shiga injin busarwa.

Alhaji ya sa aka ɗebo masa daga na uku da na huɗu. Ya murje ƙwayoyin a tafin hannu, ya hure ɓawon, ya ɗaga su saitin fitila. Launinsu ruwan zuma ne mai haske, iri ɗaya, ba fari a tsakiya, ba baƙi. Ma'aikata sun kewaye shi.

"Ɗiyata," ya ce, "wata mai zuwa fa, in rana ta sake lokaci?"

"Duk Asabar zan tambayi ladan, in sake lissafi daga magariba zuwa baya."

Ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe hannu a babbar rigarsa, ya ɗaga murya yadda har direban motar Kamba sai da ya leƙo.

"To ku ji! Malam Arzika na nan bisa aikinai. Daga yau kuma, ba mai zuba ruwa ga tanki cikin kamfanin ga sai Hamsatu ta faɗi lokaci!"