Fukafukan Lamba Uku

Duk wanda ya taɓa kwana a Basra a watan Agusta ya san ba a wasa da maganar wutar lantarki a garin nan. Zafi kan haura digiri hamsin, iskar teku ta taso da gumi, riga ta manne a jiki tun kafin mutum ya kai bakin titi. A irin wannan lokaci ne gas ya yanke wa wata tashar wuta da ke bayan gari, babban injinta mai suna Lamba Uku ya tsaya har ya huce. Wijdan, injiniyar da ke kula da lafiyar ƙarafan tashar, ta ce tunda dama ta samu bari ta leƙa cikinsa.

Ta zura kyamara ta siririn bututu har layin farko na fukafukan injin, ƙarafan da ke juyawa a cikinsa kamar na fanka, inda harshen wuta ke fara duka. Bakin fukafukan ya soma gogar murfin da ke kewaye da su, ya bar zane mai sheƙi, ga kuma 'yan tsage-tsage a tsakiyar wasu. Sun ƙara tsawo ke nan.

Mutane suna zaton ƙarfe sai ya narke yake lalacewa. Ina! Fiffiken nan yana juyi sau dubu uku a minti, juyin yana fizgarsa waje da nauyin tan-tan, shi kuwa ya yi jajir da zafi. Ba zai narke ba, ba zai karye nan take ba, sai dai ya riƙa miƙewa a hankali, kamar igiyar shanya da aka bar wa jiƙaƙƙen bargo. Kuma abin da ya miƙe ya miƙe har abada.

Ta sami shugaban tashar, Ustaz Falih, wanda kowa ke kira Abu Muhannad, yana shan shayi a ɗakin lura da injuna. Abokin mahaifinta ne. Da mahaifin ya rasu shi ya tsaya mata har ta gama jami'a, shi ya kawo ta tashar, shi ya yi mata walicci ranar aurenta. Wannan bazarar ce ta ƙarshensa kafin ya yi ritaya.

Al'adarsa kuwa kowa ya santa, har alfahari ake yi da ita. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka ƙarfin inji yakan ragu daidai lokacin da gari ya fi bukatarsa. Sai Abu Muhannad ya sa a ƙara wa Lamba Uku wuta daga azahar zuwa magariba, fiye da abin da aka ƙayyade masa. In sanyi ya shigo sai ya rage masa wuta, ya ce yana biyan injin hutunsa. Shekara da shekaru ana haka, unguwanni suna sa masa albarka.

Wijdan ta nuna masa hotunan, ta ce kada a tayar da injin. Ya duba, ya ajiye kofinsa, ya ce mata in aka haɗa zafin bazara da sassaucin hunturu ai sun tashi daidai.

"Baffa, ƙarfe ba ya lissafi haka," in ji ta. "Digiri goma sha biyar ko ashirin kawai in ka ƙara masa, saurin miƙewarsa ya ninka. Ka ƙara arba'in, awa ɗaya ta cinye awa huɗu ko biyar na rayuwarsa. In ka rage arba'in ɗin da sanyi, abin da ka tsira da shi bai kai awa guda ba. Kuma ragewar ba ta mayar da komai, tafiyar ce kawai take yin sanyi."

Sattar, mai kula da allon injuna, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya ce to ashe injin ma irin surukarsa ne, alheri ta manta, laifi ta riƙe. Ba wanda ya yi dariya.

Abu Muhannad ya ce to ya ji, ba za a ƙara wuta ba, a tayar da shi a kan ƙa'ida. Ta ce da bara ne da wannan ya isa. Yanzu cikin ƙarfen ya riga ya yi ƙananan ramuka, lafiyayyen ƙarfen da ke ɗaukar fizgar ya ragu, kowane ɓangare nauyinsa ya ƙaru. Shi kuwa nauyi mugun abu ne a nan, in ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari saurin miƙewar kan ƙaru da rabi ko fiye. Miƙewar na ƙara ramuka, ramukan na ƙara nauyi. Rage gudun injin kuma ba zai yiwu ba, don a ɗaure yake da gudun layin wutar ƙasa. Fiffike ɗaya ya tsinke, zai ratsa na bayansa kaf, a rasa injin bazara biyu, in ma Allah ya tsare ma'aikata.

Tsohon ya ce, "'Yata, zuwa ƙarshen wata kawai nake roƙo. Akwai tsofaffi a gidajen nan, akwai jarirai. Zafin ya kusa karyewa."

Wallahi ta so ta ce masa to. Tana ƙaunarsa kamar uba, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san in ta kai maganar sama za a tambayi yadda fukafukai suka tsufa tun lokacinsu bai yi ba, amsar kuwa sunansa ce. Ta roƙe shi ya kira hedikwata da bakinsa. Ya ƙi, ya juya ya ce wa Sattar ya shirya tayar da inji da zarar gas ya dawo. A nan gabansa ta ɗaga waya ta kira hedikwatar da kanta. Bai hana ta ba, bai kuma dube ta ba.

Aka hana tayar da Lamba Uku. Da aka buɗe shi aka yanka fiffike ɗaya, sai ga ramukan a jere yadda ta faɗa. Masu bincike suka zo daga Bagadaza da motocinsu masu sanyi, mutanen da ba su taɓa yin bazara ɗaya a Basra ba, suka dakatar da Abu Muhannad daga aiki saura ƙiris ya sauka da mutuncinsa. Wutar gari kuwa ta koma sai a kawo ta kaɗan, a ɗauke ta daɗe.

Wata ranar Juma'a da la'asar Wijdan ta yi ƙarfin hali ta je gidansa. A bakin layin an kafa rumfar makoki. Matar Abu Muhannad ta shigar da ita falo, ba wuta, janaretan unguwa ma ya gaza, ta kawo mata dabino da ruwan da ya fara ɗumi. A wurinta ta ji cewa makocinsu ne ya rasu, wani tsohon kafinta mai ciwon zuciya, da tsakar rana, cikin zafin nan, aka same shi a ɗakinsa ya cika.

Abu Muhannad ya shigo daga wajen ta'aziyya, ya rame. Ya amsa gaisuwarta, ya tambayi mijinta da yara, ya zauna. Ta shirya jin faɗa, faɗan bai zo ba.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki ji tausayina," ya ce. "Da an tayar da shi, da ya kai ƙarshen watan?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi. In ta ce masa a'a, kowa zai samu abin riƙewa. Amma ta san aikinta. Fukafukai biyu daga tukunyar narka ƙarfe ɗaya, zafi ɗaya, nauyi ɗaya, wani kan ninka ɗan'uwansa daɗewa, ba mai iya faɗin ranar da zai tsinke.

"Ban sani ba, Baffa," ta ce. "Mai yiwuwa ya kai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Daga waje ana jin karatun Alƙur'ani a rumfar makoki. Wijdan ta sa gefen mayafinta ta rufe fuska ta yi ta kuka, shi kuwa ya ɗauki mafici yana yi mata fifita.