Kiran Inna da Awa Biyun Safe

Shekarar da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, ita ce shekarar da na zaɓa in ƙaro karatu. Ni Tahira ke nan, ban taɓa yin abu a lokacin da ya dace ba. Ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Tsibiri, sai na samu gurbin kwas na wata uku ta intanet a kan kula da jariran da aka haifa ba su cika wata ba. A ƙarshe akwai jarrabawa ta minti arba'in da biyar, kuma dama biyu kawai ake ba mutum. Idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke, agogonsu ba ya jiran kowa.

Makonnin farko na sha wuya. In dawo aiki da la'asar in buɗe ordinata, wato kwamfuta, bidiyo ya yi ta juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Idan rezo ya zo babu wuta, idan wuta ta zo batir ɗin ne nake lallashi. Ran nan na kusa jefa wayar cikin randa.

Maigidana, Maman Lawali, ɗan kabu-kabu ne. Bai yi boko ba, amma kullum yana tsakanin Tsibiri da Maraɗi, kuma ido gare shi. Ya dube ni ina huci, ya ce, "Ke da ke aune jarirai kullum, mi ya hana ki aune wutar?"

Na harare shi. Bai damu ba. Ya ce shi ya san unguwar da ke da wuta ta wurin masu walda da masu ƙanƙara. Ya kuma lura idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, wayar fasinjojinsa takan daina shiga da yamma, saboda batiran eriyar kamfanin waya sun gaji. Haushi ya kama ni don gaskiya ya faɗa, sai na sayi kaye, wato littafin rubutu, na yi kwana goma ina rubuta lokacin da wuta ta zo, da lokacin da ta tafi, da yadda rezo yake a kowace awa.

Abin ya fito fili. Wutarmu takan zo kafin asuba ta ɗauke wajen hantsi. Daga shida zuwa takwas na safe rezo lafiya lau, don eriya ta sha caji kuma mutane ba su cika hawa ba. Da magariba kuwa duk garin na kan waya, ko gaisuwa ba ta wucewa.

Sai na raba aikina. Duk abin da ke buƙatar rezo na tara shi cikin awa biyun nan: sauke darussan mako gaba ɗaya, bidiyo a ƙaramin nauyi, aika aikin gida, amsa saƙon malamai. A lokacin ne kuma komai ke kan caji. Karatu da rubutu sai da yamma a gindin bishiyar bedi, babu rezo babu takaici, in rubuta saƙo in ajiye shi sai safe. Na hana wayar sauke hotunan biki da kanta. Cikin mako biyu na kamo 'yan ajinmu, har na fara jin kaina.

Abu ɗaya ne ban rubuta a kaye ba, wato surukata, Inna Baturiya. Tana Jiratawa, tana da 'yar gonar zogale. Tun da mahaifin maigidana ya rasu take kirana kowace safiya. Ba ɗanta take kira ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ni take kira, mu gaisa, ta ba ni labarin famfon ban-ruwa da ya tsaya saboda rashin wuta, ta tambayi jikarta Khaulat. Ita ma da safen ne kaɗai wayarta ke kamawa sosai.

Ranar jarrabawar farko na zauna ƙarfe shida da rabi, ordinata tana shan rezo daga wayata. Ina kan tambaya ta tara wayar ta yi ƙara. Inna. Da kira ya shigo, intanet ɗin wayata yakan tsaya cak, na san haka sarai, amma ban kawo shi a raina ba. Kuma wace ce ni da zan kashe wa surukata waya? Na ɗauka. Muka gaisa, muka gaida gajiya, muka gaida zogale. Da na koma, shafin ya ƙi buɗewa na tsawon minti goma sha, lokaci ya ƙare da rabin tambayoyin a hannuna. Na faɗi.

Na yi kuka ranar, kukan haushin kaina. Saura dama ɗaya, kuma ranar Alhamis za a rufe.

Maigida ya ce a karkatar da kiran wayata zuwa tasa na awa ɗaya. Na ce na yarda a kan kowa, amma Inna fa? Ta kira ɗiyarta ta ji muryar ɗanta, ai cewa za ta yi na gaji da ita.

"To sai a hwaɗa mata gaskiya," in ji shi.

"Da wane bakin? In ce Inna kiranki ya kada ni?"

Sai ya ɗauki nauyin faɗa mata da kansa. Ranar Laraba ya bar fasinja ya hau babur har Jiratawa. Da ya dawo na tare shi a zaure na ce me ta ce.

"Ta ce to."

"To kaɗai?"

"To kaɗai. Sai ta ba ni zogale in kawo miki."

Wannan "to" ɗin ya tsaya mini a rai. Na san Inna, mace ce da ba ta nuna ɓacin rai. Na tabbata na yanke wa tsohuwa abin da take tashi dominsa da safe, saboda takarda.

Alhamis na yi sallah, na duba caji, na rufe komai a ordinata ban da shafin jarrabawa. Maigida ya karkatar da kiran, ya goya Khaulat a babur suka tafi sayen ƙosai don kada ta dame ni. Na fara shida da kwata. Wuta ta ɗauke ina tsakiya, ban ko ɗaga kai ba, batir cike yake. Bakwai saura minti biyar na danna aikawa. Shafin ya yi juyi sau biyu, ya nuna na ci.

Na yi hamdala, amma murnar ba ta cika ba. Da maigida ya dawo na tambaye shi ko an kira. Ya ce mutum biyu daga asibiti, ban da su babu kowa. Ya mayar mini da layina. Na riƙe wayar ina son in kira Inna, kunya ta hana ni.

Bakwai da rabi daidai wayar ta yi ƙara.

"Ɗiyata," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri, "an iya magana yanzu?"

"An iya, Inna. Na gama. Na ci."

Na ji ta ja numfashi.

"Alhamdu lillahi. Tun asuba na kai wayar ɗakin Kyauta maƙwabciyata, na ce kada ta ba ni sai bakwai da rabi, ko na roƙe ta. Na san hannuna, shi kaɗai yaka latsa ki. Sau biyu na tahi roƙonta ta kore ni." Ta yi 'yar dariya. "Ke kuma, da kin hwaɗa mini tun wancan karon. Ni ba baƙuwa ba ce."

Hawaye suka zubo mini. Ta jira ni har na share su.

"To," ta ce, "ina kwana?"