Layin da Ɗayyabu Ya Ƙi Faɗa

Kamfanin ajiyar kuɗi ta waya da ke Yamai ya aiko wa Raihana shafi biyu na Faransanci, ya ce ta fitar da rubutun bidiyo na minti ɗaya da Hausa, don 'yan Nijar masu kai da kawo tsakanin Agadas da Tamanrasset. In ya yi kyau, za a ba ta sauran bidiyoyin shekara. In bai yi ba, ta koma buga wa mutane takardu a buro, shagon buga takardu, aikin da ya ishe ta har wuya.

Ta zauna ta tsince manyan kalmomin nan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abin da ya rage, ko kakarta za ta gane. Ka zuba kuɗinka wurin wakili a Agadas ko Arlit, saƙo ya shigo wayarka nan take. Kafin ka tura wa gida, za a nuna maka ladan da za a cire. Waya ta ɓata, kuɗi na nan, domin a asusunka suke, ba cikin wayar ba. Har ta rubuta cewa babu wakili a Tamanrasset, kada wani ya kwaso dinari ya yi ta yawon banza.

Masu fitowa kuwa, ta samu Mahamane mai shagon atamfa a Kasuwar Assihar ta Tamanrasset, wanda ba Banijaren da bai sha shayinsa ba, da ƙanensa Ɗayyabu magini. Aka kafa waya a kan tarin yadi, komai na tafiya sumul, har aka zo layin lambar sirri. A rubuce, Ɗayyabu zai kare wayar da tafin hannu, ya dubi yayansa ya ce, "Kod ɗina nawa ne ni kaɗai."

Ɗayyabu ya ajiye wayar.

"Raihana, wannan kam ba ni faɗinsa."

"Wasa ne fa, Ɗayyabu."

"Wasa a nan. In ya kai Damagaram fa? Inna ta gan ni ina ɓoye ma Yaya abu? Shi ya biya mini mota na zo garin nan. Sai a ce na maishe shi ɓarawo."

Ran Raihana ya ɓaci, ga shi kuma ta san gaskiya ya faɗa. Mutumin da ba ya ko kiran sunan yayansa, shi za a ce ya kare masa waya a gaban duniya? Layin kuwa ba ya ciruwa. Kamfanin ya ja masa layi biyu, kuma da dalili, don yawancin waɗanda ake yashewa da bakinsu suke ba da lambar. Ta gwada sassauta maganar, ta gwada sa shi ya faɗa da dariya. Ɗayyabu ya kafe, sai kallon takalminsa mai busasshen siminti yake yi.

Mahamane dai yana ta juya shayi daga kofi zuwa kofi. Can ya ce, "'Yata, dole sai ƙaramin ne zai yi maganar?"

Raihana ta dube shi, ta dubi takardar. Ta ciro biro ta soke layin, ta tsuguna ta rubuta wani a kan gwiwarta, suna gyarawa tare. Mahamane har da cewa a rage, ba wa'azi ya zo yi ba.

Aka sake ɗauka. Ɗayyabu ya buɗe manhajar, wurin lambar ya fito. Mahamane ya juya masa baya da kansa, ya fuskanci mai kallo.

"Wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban san kod ɗinsa ba, kuma ba ni son sani. Ma'aikacin kamfani ma ba ya tambaya. Wanda duk ya kira ka ya nema, kashe wayarka."

Maƙwabcin shago, wani Buzu mai sayar da takalma, ya leƙo ya ce a maimaita masa na ƙarshen. Daɗi ya kama Raihana, ta tura wa Yamai tun ba ta miƙe ba. Kafin a zuba shayi na uku amsa ta dawo, sun ce a bar shi haka, ta soma shirin na gaba.

Tana naɗe takardunta ta ji Mahamane na ce wa ƙanensa, "Kai, na faɗa ma duniya ban san kod ɗinka ba, alhali ni na zaɓa maka shi ran da muka buɗe a Agadas. Kada ka bar ni da ƙarya. Canza shi."

"Yaya, ai an gama ɗauka."

"Na sani."

Ya juya baya, ya shiga gyaran atamfofin da ba su bukatar gyara. Ɗayyabu ya daɗe riƙe da wayar, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya soma dannawa.